Wasiƙar ban haƙuri bayan kwana 3 babu intanet

Masu shagunan waya da 'yan POS na Agege sun zauna da wata lauya da wani ma'aikacin kamfanin intanet, bayan sabis ya ɗauke daga Litinin zuwa Alhamis. Sun tattauna yadda wasiƙar kamfani ya kamata ta kasance.

Kowa ya yarda a fara da abin da ya tabbata: ranar da sabis ya ɗauke, awar da ya dawo, unguwannin da abin ya shafa. Alhaji mai POS ya ce kada a kira kwana 3 «'yar tangarɗa», domin wanda ya rasa ciniki zai ji an raina shi. Ina ganin gaskiyarsa.

An fi daɗewa kan kalmomin haƙurin. Lauyar ta ce: «Alhaji, kamfani zai iya rubuta "muna baƙin ciki da wahalar da kuka sha, ku yi haƙuri". Amma "sakacinmu ne ya jawo muku asara" magana ce da za a iya kafa hujja da ita a kotu ko gaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa.» Idan an san kebul ne ya tsinke a wurin aikin titi, a faɗa. Wanda ya tsinke shi kuwa, a bari sai bincike ya ƙare. Kada kuma a rantse cewa ba zai sake faruwa ba.

Diyya a rubuta ta da lamba: ƙarin kwana 3 kan kowane rajista, ba sai an nema ba, a matsayin kyautatawa. Ya kamata shugaban kamfanin ya sa hannu, bayan lauya ya duba.