Kaurin kwanon da aka rubuta a rasit bai yi daidai da wanda aka kawo min ba

Salamu alaikum. Ina ginin ɗaki 3 a Tawa, mun kai ga rufi. Na biya kuɗin kwano 40 a wani shago, rasit ya ce kaurinsa milimita 0.35 ne. Da aka sauke su, kafinta ya kama gefen guda ya lanƙwasa da yatsa biyu, ya ce: “Alhaji, wannan ba zai jure iskar farkon damina ba.”

Na duba bayan kwanon, akwai tambarin kamfani amma ba a buga lambar kauri ba. Buhun siminti ko ba komai za ka ga lambar ƙarfinsa, 32.5 ko 42.5, a jikinsa, nan kuwa shiru. Na aro ma'aunin kauri wurin mai walda, muka auna guda 5 a inda ƙarfen yake a shimfiɗe: tsakanin 0.27 da 0.29. Na koma shagon, mai kaya ya ce lambar rasit ta haɗa da fenti da tutiyar da aka shafa. To ai ma'aunin ma da fentin ya auna!

Idan babu lamba a jikin kwano, da wace shaida ake tabbatar da kaurinsa har mai shago ya yarda ya canza?