Banki sun cire min 18,400 a wata ɗaya, daidai ne?

Ɗan Gumel: Salam jama'a, don Allah a taimaka. Ina sarin riɗi a Maigatari, da kaka kuɗina suka maƙale gun wani dila tun Alhamis biyu, ga manoma sun kawo kaya ga mota na jira, shi ne na karɓi obadiraf na 500,000 a banki, wato bashin da suke barinka ka cira fiye da abin da ke asusunka, ruwa kashi 30 a shekara. Na ciri 300,000, bayan kwana 20 na ciri sauran, wata na cika na ga sun zabge 18,400. Ko bacci ban yi ba.

Sani Tela: Sauƙi ne ai. Kashi 30 na 500,000 raba 12, 12,500 kenan. Sauran duk cuta ce.

Malam Habu Akanta: A'a Sani, obadiraf kullum ake lissafa shi, kuma kan abin da ka cira kawai. Kuɗin sau 0.30 raba 365. Na 300,000 ya kama wajen 247 a rana, kwana 20 ya zama 4,932. Da ya koma 500,000, 411 ne a rana, kwana 10 ya zama 4,110. Ruwan duka 9,042 ne. Sai kuɗin buɗe bashin, wanda Babban Banki ya ce kar ya wuce kashi 1 kuma sau ɗaya ake cira, wato 5,000, da VAT kashi 7.5 a kansa, 375. Kuɗin kula da asusu, in naira 1 ne a duk dubun da ka cira, 500 da VAT ɗinsa. Ban kai 15,000 ba. Akwai wajen 3,400 da ban ga uwarsu ba. Me takardar ta ce in ka haura iyaka? Don tunda ka kwashe 500,000 tas, in suka ɗora ruwan a kai ka wuce kenan, tara na iya shiga.

Ɗan Gumel: Takardar na gun ƙanina a Dutse. Manaja ya min bayani da baki, mutumin kirki ne wallahi.

Hajiya Ladi: Ni ma adashenmu na mata haka suka dinga gutsurar shi, har yau ban koma ba.

Baba Liman: Ɗana, ka bar lissafin nan, ka biya ka fita. Riba ce.

Ɗan Gumel: Baba na sani, amma da na bar riɗin nan ya wuce da ba ni da jari bana.

Malam Habu Akanta: Baki ba hujja ba ne. Ka sa a turo hoton takardar, ka karɓi sitatimen ɗin watan, ka bi layi-layi. In bai yi daidai ba ka rubuta musu ƙorafi, in ba su warware ba ka kai Babban Banki.

Sani Tela: Wahalar banza, kuɗin mota zai cinye 3,400 ɗin.

Ɗan Gumel: Ƙanin nawa wayarsa a kashe tun safe.