Rajistar sunan kilishina ta tsaya, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar kilishi da yaji a nan Tawa, kuma ina son in yi wa sunan da nake bugawa a jikin leda rajista a OAPI, hukumar Afirka mai rajistar sunayen kayan sayarwa, tunda rajista guda tana kare suna a ƙasashe 17 har shekara 10.

Na fahimci a yadda ake kasa kaya aji-aji wajen rajista, kilishi yana aji na 29 ne, wajen nama, shi kuma yaji aji na 30. To, da aka yi mani bincike a Yamai, sai aka tarar da wani suna mai rajista a aji na 30, harafi ɗaya ne kawai ya raba shi da nawa. In aka furta su, kunne ba ya bambancewa. Idan na bar yajin na nemi aji na 29 kaɗai, mai wancan sunan zai iya ƙalubalantata, tunda duka abinci ne? Na riga na buga ledoji da yawa, abin yana damuna ƙwarai.

Sannan wurin sunan mai nema: ni da ƙanena muka haɗa jari, amma takardar rajistar kasuwanci ta RCCM sunana kaɗai ke kanta. Za a iya sa mu biyu?