Mun gama waya sun ce in turo a rubuce, me kuke sawa a saƙon?

Sabuwar Hannu: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka yi waya da wani kamfani kan tsara musu rahoton shekara, wajen shafi 40. Hira ta yi daɗi, a ƙarshe suka ce in turo bayanin aiki da farashi ta imel. Yayyena da suka daɗe a harkar, ya kuke tsara naku, musamman wajen biya?

Tsohon Mai Zane: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki tura yau ko gobe, tun maganar tana da zafi. Ni da abin da na ji daga bakinsu nake farawa: "Kamar yadda muka tattauna, kuna son rahoto mai shafi 40, ku za ku kawo rubutu da hotuna." Wannan jimlar kaɗai tana tono saɓani. Akwai wanda ya amsa mini da cewa ai shi ya ɗauka ni zan rubuta bayanan ma. Gara a ji haka tun ba a fara ba.

Sai iyakar aiki. Ki rubuta zagaye biyu na gyara, kuma ki faɗi me ake nufi da zagaye: su tattara duk gyaransu a saƙo guda, daga hannun mutum guda. In ba haka ba manaja zai turo nasa da safe, mai kula da talla ya warware shi da yamma. Shafin da ya haura 40 ko zagaye na uku, ki sa masa farashinsa tun yanzu.

Biya kuwa, a ce jimlar dubu 500 ce, da kowane irin kuɗi kuke ciniki. Kashi 40 kafin alƙalami, wato dubu 200, kuma ba a fara ƙirga kwanakin aiki sai sun shigo. Dubu 150 ranar da kika miƙa zubin farko. Cikon dubu 150 kafin ki saki fayilolin ƙarshe.

Ɗan Gaggawa: Yallaɓai duk wannan dogon turanci ne. Ni kuɗina gaba ɗaya nake karɓa kafin in taɓa komai, ban taɓa bin kowa bashi ba.

Tsohon Mai Zane: A ƙaramin aiki na kwana biyu ina bayanka, malam. Amma kamfanin da bai taɓa aiki da ita ba da wuya ya saki duka a kan aikin wata guda.

Mai Fassara: Ni inda aka dafa ni shi ne kalma ɗaya. Takardarmu ta ce za a biya ciko "bayan an amince da aikin". Na miƙa, wanda zai amince ya tafi hutu, ya dawo ya ce sai shugabansu ya gani. Ba su ƙi aikin ba, ba su kuma karɓa ba, ni kuma ba ni da bakin neman kuɗi. Yanzu haka nake rubutawa: in kwanaki bakwai na aiki suka wuce da miƙawa ban ji gyara ba, an karɓa ke nan, zan aika takardar neman biya. 'Yar uwa, ki ɗaura biyan a kan abin da ke hannunki, wato miƙawa.

Ki kuma tambayi wa ke sakin kuɗi. Sau da yawa wanda kika yi waya da shi ba shi ne akanta ba. Kamfanoni da dama kwana 30 suke ɗauka daga ranar da takardar ta isa sashen kuɗi, wasu ma sai sun yi miki rajista sun ba ki lambar oda tukuna.

Baban Yara: In sun yi shiru kada ki dame su da kira, ki bari mako ya zagayo sannan ki tuna musu.

Sabuwar Hannu: Baba ai ban ma tura ba tukuna, amma na riƙe wannan. Tambaya ta ƙarshe: in nuna musu kuɗin awa ne ko jimla kawai?

Mai Fassara: Jimla. Da zarar sun ga awa 50, sai ciniki ya koma kan ko za ki iya gamawa a 30.

Tsohon Mai Zane: Nan kam mun rabu, Hajiya. Jimla a babban aikin, na yarda, amma dole kuɗin awa ya fito a wajen ƙarin aiki, in ba haka ba da me za ta auna "ɗan gyara kaɗan" ɗin da za su kawo bayan zagaye na biyu? In kuma suka nemi ragi, ki rage aiki tare da shi, misali zagaye ɗaya maimakon biyu.

Mai Fassara: Ni ko ƙarin aikin ma da shafi nake lissafa shi, don shafi kowa na iya ƙirgawa, awa kuwa sai dai su yarda da maganarki.