Neman kalma: tsoma kayan lambu a tafasasshen ruwa sannan a jefa a ruwan ƙanƙara, me za mu kira shi?

Malama Rabi: Assalamu alaikum. A littattafan girki na Turanci akwai kalmar da ake rubutawa `blanching`. Abin da take nufi shi ne a zuba kayan lambu cikin ruwan da ke tafasa na ɗan gajeren lokaci, a kwashe, a juye su nan take cikin ruwa mai ƙanƙara. Idan aka fassara da "tafasa", mai karatu zai bar abin a wuta har ya nuna, aikin ya lalace. Wace kalma ce za ta ɗauki ma'anar ba tare da dogon bayani ba?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Ai muna da "sulala". An sulala abu, wato ya ɗan sha zafi bai kai ga dahuwa ba. Ban ga dalilin ƙirƙiro sabuwa ba.

Hajiya Binta: Malam, sulala ta yi kusa amma ba ta isa ba. Wanda ya sulala abu yakan sauke tukunya ya bar shi ya huce da kansa, kuma babu wanda ke duba agogo. Nan kuwa agogon shi ne rabin aikin, sanyayawar ita ce sauran rabin. Bari in kawo misali da koren wake rabin kilo da za a adana a firiza.

Za a ɗora ruwa kamar lita 4 a babbar tukunya, a bari ya tafasa sosai. Yawan ruwan ba almubazzaranci ba ne: waken da sanyinsa yake shiga, idan ruwan kaɗan ne tafasar za ta mutu, waken ya zauna yana jiƙa a ruwan ɗumi. Idan an zuba, ruwan ya kamata ya dawo tafasa cikin minti 1. In ya wuce haka, an cika wa tukunyar kaya, a raba gida biyu a karo na gaba. Daga lokacin da ya dawo tafasa ake fara ƙirga minti 3. Tun kafin a zuba waken an riga an ajiye babban kwano da ruwan sanyi da ƙanƙara kamar rabin kilo, wato nauyin ƙanƙara daidai da nauyin waken. Minti 3 na cika a kwashe da matsami a juye a kwanon, a juya, a bar shi wasu minti 3. Sai a tsame a kwando, a baza a kan tsumma mai tsabta ya tsane.

Umar: Hajiya, ni a ganina wannan duk don kashe ƙwayoyin cuta ne. To in haka ne me zai hana a ce "wankin zafi"?

Hajiya Binta: Yana rage datti da ƙwayoyin da ke bayan ganyen, gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. A cikin kayan lambu akwai sinadaran da ake kira enzayim, su ne ke ci gaba da aiki bayan an tsinke shuka, suna sauya launi da ɗanɗano. Sanyin firiza yana rage musu gudu ne kawai, ba ya tsayar da su. Shi ya sa waken da aka daskarar ɗanye, bayan wasu watanni za ka same shi ya koɗe, ya yi tauri, yana warin busasshiyar ciyawa. Zafin tafasa ne ke lalata waɗannan sinadaran, kuma dole ya ratsa har tsakiya, don haka minti 3 ɗin ba a rage su. "Wankin zafi" zai sa mutum ya ɗauka kwarara ruwan zafi a kai ya wadatar.

Malama Rabi: To ita ƙanƙarar fa? Nan ne ake yawan tambaya, wasu ma suna tsallake ta.

Hajiya Binta: Abin da aka kwashe daga tafasasshen ruwa bai daina dahuwa ba. Zafin da ya sha yana nan a jikinsa, kuma idan aka tara shi a kwando, na tsakiya yana turara na gefensa. Dahuwar sai ta wuce minti 3 ba tare da an sani ba. Ana ganin wannan a launi. Da wake ya shiga ruwan zafi, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin jikinsa takan fita, koren ya fito shar, har ya fi na ɗanye kyau. Idan zafin ya daɗe, tsamin da ke cikin waken kansa yakan fito ya taɓa sinadarin da ke ba shi launin kore, sai ya dusashe ya koma kore mai ratsin ruwan ƙasa, kuma ba ya dawowa. Haka nan jikinsa ke sakewa ya yi laushi. Ruwan ƙanƙara yana zuƙe zafin cikin gaggawa kafin a kai can. Gwajin mai sauƙi ne: a karya ɗaya a taɓa tsakiyarsa. In akwai sauran ɗumi bai gama ba. In ya yi sanyi kuma ya karye da ƙara, ya yi.

Malam Sani: Amma ruwan famfo ma yana sanyaya abu, Hajiya.

Hajiya Binta: Yana yi idan mai sanyi ne sosai, kamar digiri 15 ko ƙasa, kuma ana ta sauya shi. Matsalar ita ce wake mai zafi na shiga kwano sai ruwan ya ɗumame. Ƙanƙara kuwa tana shanye zafi mai yawa wajen narkewa, ruwan ya zauna da sanyinsa. Kuskuren ɗaya gefen shi ne a manta da shi a ruwan: zai sha ruwa ya yi salam, zaƙinsa da wani ɓangare na bitamin ɗinsa su tafi a ruwan. Kuma idan aka ƙulle shi a leda da lema, zai daskare ya zama dunƙule ɗaya.

Maman Ilham: Tunda aikin shiga ne da fita, me zai hana mu ce "tsoma-tsame"? A tsoma a zafi a tsame, a tsoma a sanyi a tsame. Kunne na jin kalmar ya san ba a daɗewa. Za a iya rubuta "ki yi wa alayyafo tsoma-tsame na minti 2", ko "a yi wa tumatir tsoma-tsame na daƙiƙa 30 zuwa 60 don ɓawonsa ya saɓule".

Malama Rabi: Wannan ta zauna a baki, kuma ta rufe har da tumatir, wanda ba adana shi ake nufi ba, ɓare shi ake so. Matakin ƙanƙarar kuma ina ganin "kashe zafi" ya dace.

Hajiya Binta: Na yarda da tsoma-tsame. Amma na fi son "tsayar da dahuwa" a kan "kashe zafi", domin ita ce ke gaya wa mai girki dalilin, ba zai tsallake ba.

Malam Sani: Ni har yanzu ina da ja. Ana yin wannan aikin da tururi ma, a ɗora kayan a kwando saman tafasasshen ruwa, lokacin ya ƙaru da kusan rabi, minti 3 ya koma kamar 5. A nan ba a tsoma komai a ruwan zafi ba. Sulala ta ɗauki wannan, tsoma-tsame ba ta ɗauka ba. Ya za ku rubuta shi, Malama?