Neman kalmar Hausa: `confidence threshold` a aikin shigar da rasit

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Salamu alaikum. A kamfanin casar shinkafa da nake aiki, manhaja ke karanta rasit ta ciro kwanan wata, sunan mai kaya da jimillar kuɗi. Kowane gurbi tana ba shi maki daga 0 zuwa 1. Wanda ya gaza 0.95 sai mutum ya duba kafin ya shiga littafin asusu. Mi za mu kira wannan 0.95 ɗin? Ina son koya wa yaranmu da Hausa.

Wani malamin makaranta: Ƙamus ya ce dokin ƙofa. Dokin ƙofar amincewa ke nan.

Mai tambaya: Allah gafarta Malam, in na faɗi haka a ofis sai a nemo kafinta.

Wani ɗalibi daga Gusau: Ni nisabi ya faɗo mini. Adadi ne da in an kai shi hukunci ya canza.

Wata tsohuwar akanta, Argungu: Ɗana, ka kusa, amma ka juya shi. Dukiya in ta kai nisabi ne wajibi ke hawa, nan kuwa wanda bai kai ba shi ne aiki ke hawa kansa. Ni makin tsallakewa nake cewa, kamar na jarrabawa. Kuma ku bar kiran lambar nan tabbaci, ƙarfin zato ne. Mun taɓa samun rasit na kayan gyaran inji: kaya ₦400,000, harajin kaya na 7.5% ₦30,000, jimilla ₦430,000. Tawada ta ɗan malala, manhaja ta karanta 3 a matsayin 8, ta rubuta ₦480,000 da maki 0.97. Ya tsallake sumul. Abin da ya kama shi lissafi ne, an haɗa kaya da haraji ba su ba da jimillar ba. In kun gaya wa yaro 0.97 tabbaci ne, ba zai ƙara kallon takardar ba.

Mai tambaya: To Hajiya, mu ɗaga zuwa 0.99 mu huta?

Akantar: Sai rasit ya taru a tebur, masu dubawa su gaji su riƙa danna amincewa ido rufe. Kowane gurbi da makinsa. Jimilla da lambar asusun banki a tsananta, bayanin kaya a sassauta. Kuma ba da ka ake yanke shi ba: ku ɗebi rasit kamar 200 da kuka tantance da hannu, ku ga daga wane maki kuskure ke fara yawa, ku ja layi sama da nan. Na rubutun hannu ku ware su daban.

Malamin: Ƙarfin zato na karɓa. Amma makin tsallakewa sai yaro ya ɗauka rasit ɗin ne ya ci jarrabawa, alhali gurbi ɗaya ne. Ni dai iyakar dubawa ta fi kwanta mini.

Mai tambaya: Zan gwada duka biyun gobe, in ji wanda zai zauna a bakinsu.