Abin da aka tattauna kan amai da gudawa ga masu ciwon suga, ciwon ƙoda da masu shan maganin ƙara fitsari

1. An yarda cewa hatsarinsu ya fi yawa, domin sugan da ya hau da maganin ƙara fitsari irin furosemaid suna ci gaba da fitar da ruwa alhali gudawa tana ƙwace sauran, balle a zafin Afrilu na Gombe.

2. Mai suga kada ya daina allurar insulin, kuma ya riƙa awon suga duk awa huɗu.

3. Ra'ayi ya rabu kan dakatar da furosemaid da metfomin, wato ƙwayar maganin suga: wasu sun ce a ajiye su har a koma cin abinci, wasu sun ce sai an tambayi likita. Haka ma ya rabu kan ruwan gishiri da sukari ga mai ciwon ƙoda, tunda yana ɗauke da fotasiyom, sinadarin da kan taru a jini idan ƙoda ta kasa fitar da shi.

4. Raguwar fitsari, jiri ko ruɗewa suna nufin a tafi asibiti nan take.